Madarar da ke Firjin Baba

Inna ta rasu a ƙarshen bazara, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Ta daɗe tana jinya, kuma kusan duk wanda ya zo dubiya da gwangwanin madara yake zuwa, wani da lemo, wani da sabulu. Lemon an shanye, sabulun an wanke kayan jinya da shi, madarar ce ta yi ta taruwa a ƙarƙashin gadonta saboda a ƙarshe ba ta iya haɗiye komai sai ruwa. Da aka share makoki, Baba ya kwashe gwangwanayen ya kai ɗakinsa ya jera a kwali.

Gidanmu yana Tarauni, ni kuma ina aure a Gyadi-Gyadi, ina aikin buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Yayana da ke Hotoro ya roƙi Baba ya koma wurinsa, ya ƙi. An yi masa maganar aure, ya ce a bar shi ya huta. Sai aka tsara cewa abincin rana da na dare daga gidana za a riƙa kai masa, na safe kuwa ya ce shi zai ji da kansa.

"Shayi ne fa kawai, Uwata," in ji shi. Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Mutumin da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, a ce ruwan zafi ya gagare shi?"

Akwai abu biyu da duk mun sani game da Baba, amma ba wanda ya haɗa su da shayi. Tun ina makarantar sakandare ya faɗi a kan babur, kansa ya bugu, kuma daga ranar hancinsa ya daina jin ƙamshi ko wari. Sannan a shekarun baya-bayan nan yanar ido ta fara rufe masa gani, abu in ba babba ba ne sai ya kai shi dab da fuskarsa. Muddin Inna tana raye wannan bai taɓa zama matsala ba. Ita ce ke shinshina komai kafin ya isa gabansa. In ta huda gwangwanin madara da safe, to ranar za a ƙarar da shi, abin da ya ragu ta juye wa yaran maƙwabta a koko.

Ɓangare ɗaya na gidan Baba ya ba da haya ga wani ma'aikaci ɗan Filato da matarsa, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata. Malama muke ce mata. Ita ta yi ta taya mu juya Inna a kan gado lokacin jinya. Wata ranar Asabar, damina ta kankama, na shigo da kwanon abinci sai ta tare ni a bakin famfo.

"Maman yarinya, ki duba shayin Baba," ta ce, ta rage murya. "Jiya na ga yana tace shi sau biyu. Na farko ganye ne. Na biyun wani farin abu ne ya rage a matacin. Ni ba zan iya yi masa magana ba, kin san Baba."

Na shiga na gaishe shi, yana zaune a kan darduma da rediyo a gefensa, ana ta karanta sunayen waɗanda aka naɗa muƙamai. Ya rame, amma tun rasuwar Inna yake ramewa, kowa ya ɗauka kewa ce. Ya sha gaya mini cikinsa na murɗa masa, yana yawan zagayawa, muka ɗora laifin a kan ruwan damina, na saya masa magani a kemis.

Na buɗe firjin. A wannan watan wuta sai ta yi kwana biyu ko fiye ba a kawo ba, in an kawo ma kafin firji ya yi sanyi an ɗauke. Iska mai ɗumi ce ta buge ni, da wani tsami. Gwangwanin yana tsaye a kan faranti, an huda shi wuri biyu da ƙusa, an toshe hudojin da 'yar takarda. Madara ta bushe a bakin hudojin ta yi ɓawon rawaya, tsatsa ta fara zagaye su. Na zare takardar na karkata shi a kan kofi. Da farko ruwa ne tsararo ya fito, sai kuma wani kauri ya biyo baya, guda-guda, yana faɗowa da ƙyar.

"Baba, yaushe aka huda wannan?"

"Ranar da yayanki ya zo. Ba wannan Juma'ar ba, waccan."

"Ta lalace, Baba. Ta tsinke, tana tsami."

"Mai ne ya taru a sama. Madara mai kyau haka take yi."

"Ba mai ba ne. Ka ga wannan da zarar an huda ta, ko firji na aiki kwana kaɗan take yi, shi ma sai an juye ta a wani abu mai murfi. A wannan zafin kuwa da babu wuta, wuni ɗaya ya yi mata yawa."

"Ai a tafasasshen ruwa nake zubawa."

"Ko a wuta ka tafasa ta, abin da ya lalace ba ya komawa daidai."

Na fita da gwangwanin na tuttular a magudana. Da na dawo fuskarsa ta canja. Baba mutum ne da ya tashi a ƙauye a shekarun da aka yi yunwa, ko ƙwayar shinkafa ya gani a ƙasa sai ya tsince. Ya ce abin da na yi almubazzaranci ne, mutane sun kawo wa mara lafiya don Allah, ni na zubar a kwata. Ya ce shi ɗan ɗigo yake sawa don shayi ya yi fari, ba zai huda gwangwani guda ya shanye a rana ɗaya kamar ɗan gidan sarauta ba.

A kan firjin akwai babban gwangwanin madarar gari. Na ɗaga murfin yana kallona. Madarar da na sani fara ce mai laushi, tana zuba kamar gari. Wannan ta koma rawaya, ta dunƙule ta manne da jikin gwangwanin, cokali na tsaye a ciki da jiƙaƙƙen dunƙule a bakinsa. Warinta kamar na man gyaɗan da ya daɗe a kwalba. Na gane da cokalin da yake juya shayi yake ɗiba, ya mayar da shi da laima, ga kuma danshin damina da murfin da ba ya rufuwa ruf.

"Wannan ma ta tashi daga aiki, Baba."

"Wannan ki ajiye ta inda kika gan ta." Bai ɗaga murya ba. "Innarku ce ta fasa ta da hannunta, kafin ta kwanta. Ni zan ƙarar da ita."

Na ajiye. Washegari na kawo masa ƙananan ledojin madarar gari, irin na sha ɗaya da aka fara yayi a lokacin, na ce ya riƙa yaga ɗaya kullum. Ya karɓa ya sa mini albarka, ya zuba su a cikin wata langa ya rufe. Daga baya na gane ya ware su ne don baƙi. Shi a tsarinsa sai tsohon ya ƙare ake taɓa sabo. Bayan tafiyata ya ɗauko wani gwangwanin daga kwalin ya huda, ya daina sa shi a firjin da nake buɗewa, ya koma ajiye shi a bayan randa inda yake ganin akwai sanyi.

'Yata a lokacin ba ta daɗe da cika shekara uku ba. Baba yana kiranta amaryarsa, ita kuma tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe don ta ji ana faɗa. Da aka yi hutun makaranta, matar da ke riƙe mini ita ta tafi garinsu, ga aiki ya yi mana yawa a ofis saboda sababbin zaɓaɓɓu sun shigo kowa da tarin takardunsa. Malama ta ce in riƙa kawo ta da safe ta zauna da yaranta, in na tashi in biyo in ɗauka. Na ji daɗi. Na ce ko ba komai Baba zai samu mai sa shi dariya.

Haka kuwa aka yi. Da safe in yaran Malama suna wanke-wanke, sai ta sulale ta tafi ɗakin kakanta ta zauna a gefen dardumarsa. Shayin Baba da citta da kanumfari ne da sukari mai yawa, don harshensa ne kawai ke gaya masa abin da yake sha. Nata kuwa a ƙaramin kofi yake zuba mata, kuma saboda kada ya ƙona mata baki sai ya cika mata da madara har ya huce. Abin da yake yi wa kansa ɗigo-ɗigo, ita karkata mata gwangwanin yake yi.

Ranar da abin ya faru, ana dab da azahar mijin Malama ya zo ofis a kan acaɓa ya ce in taso. Na tarar da 'yata a cinyar Malama, an cire mata riga. Ta yi amai har babu abin da ke fitowa, gudawa kuma kamar an buɗe famfo. Malama ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba ta da cokali, amma duk abin da ya shiga sai ya dawo. Leɓenta ya bushe, idonta ya faɗa, tana kuka babu hawaye. Na kira ta, ta dube ni kamar daga nesa.

"Me ta ci?"

"Abin da yarana suka ci, ɗumamen tuwo. Su lafiyarsu ƙalau," in ji Malama. Sai ta dubi ƙofar Baba. "Shi ma tun ɗazu yake zagayawa. Na yi masa magana ya ce ba komai."

Baba ya fito yana dafa bango, ya tsaya daga nesa. Muka tari tasi muka tafi asibiti, mijina ya same mu a can.

An sha wuya kafin a samu jijiya. Suka gwada hannu biyu, suka gwada ƙafa, daga ƙarshe aka aske gefen kanta aka sa allurar ƙarin ruwan a nan. Ba ta ma yi kuka sosai ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Likitar ta tambayi abin da ta ci da abin da ta sha, na gaya mata, har da shayin. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, don a damina yara masu gudawa cike suke da ɗakin. Amma tunda mutum biyu ne suka sha abu ɗaya suka kwanta rana ɗaya, sauran 'yan gidan da ke shan ruwa ɗaya kuma ba abin da ya same su, to a je a duba madarar, a kuma kawo tsohon, don mai shekarunsa ma ruwan jikinsa saurin ƙarewa yake yi.

Mijina mutum ne mai kawaici, bai taɓa ɗaga ido ya dubi Baba ba tun da aka yi aurenmu. A barandar asibitin ya ce da ni, "Ba ni da abin cewa da Baba. Amma daga yau ko ruwa ba za ta ƙara sha a gidan nan ba." Ban yi masa musu ba.

Yayana ne ya je ya ɗauko Baba, aka kwantar da shi a ɗakin maza aka sa masa ruwa shi ma. Kwanakin da suka biyo baya a tsakanin ɗakuna biyu na yi su. Duk shigata wurinsa tambaya ɗaya yake yi.

"Ta buɗe ido?"

"Ta buɗe, Baba."

"Ta sha wani abu?"

"Ta sha kunu kaɗan."

Sai ya juya fuskarsa bango. A gadon da ke kusa da na 'yata akwai wani yaro da aka kawo daga Unguwa Uku a makare, da irin wannan gudawar. Ina zaune uwarsa ta naɗe shi a zani ta fita da shi. Bayan fitarta na daɗe ina riƙe da ƙafar 'yata, ina jin ɗuminta.

Da ta fara zama da kanta, na bar ta da kakarta ta wajen uba na tafi Tarauni. Malama ta raka ni ɗakin Baba. Gwangwanin yana bayan randa a cikin kwanon ruwa, don kada kiyashi su hau. Na sa wuƙa na yanke murfin gaba ɗaya. Ciki ya rabu biyu, ruwa-ruwa a sama, dunƙule a ƙasa, ta cikin murfin kuma hunhuna ta yi tabo-tabo, kore da baƙi. Malama ta toshe hanci da gefen mayafinta ta fita. Na madarar garin ma da na kai shi haske na ga baƙaƙen ɗigo a gefe, inda laima ta fi zama.

Na jawo kwalin. Yawancin gwangwanayen da ba a huda ba lafiyarsu lau, amma na ƙasa, inda danshi ya jiƙa kwalin, sun yi tsatsa a gindi, wasu har sun kumbura, murfinsu ya taso kamar an hura. Waɗannan ban jefa su a bola ba, don na san kafin yamma yara za su tsince. Mijin Malama ya haƙa rami a bayan gida, muka zuba su tare da na bayan randar muka rufe. Masu kyaun na ba Malama, na ce ta yi wa yara abin da za su shanye a zama ɗaya. Babban gwangwanin na tsaya ina juya shi a hannu. Daga ƙarshe na juye abin da ke ciki a ramin, na wanke gwangwanin da omo na kifa shi a rana.

An sallami 'yata kafin Baba. Ranar da aka sallame shi na ɗauki busasshen gwangwanin na kai masa, na gaya masa duk abin da na gani, ban rage komai ba. Ya karɓa ya shafa cikinsa da yatsa.

"Har da hunhuna?"

"Har da ita."

"Kuma ni na zuba mata da hannuna." Ya ajiye gwangwanin a gefensa. "Ta ce mini, tsoho, yau shayinka da tsami. Na ƙara mata sukari."

Yayana ya ce ƙaddara ce, Allah ya taƙaita, a yi hamdala. Baba ya ce haka ne. Sannan ya ce a je a kwaso masa kayansa, zai koma Hotoro. Babu wanda ya sake roƙonsa, shi ya faɗa da bakinsa. Risho da butar shayi da matacin duk ya ce a bar wa Malama.

A Hotoro an ba shi ɗaki mai kyau kusa da zaure, matar yayana tana kula da shi iyakar iyawarta. Amma bai ƙara taɓa wani abin ci da hannunsa don ya miƙa wa wani ba. Ko dabino aka kawo masa, sai ya kira wani ya duba kafin ya ci, in kuma yara sun shigo sai ya tura kwanon ƙarƙashin gado. Ya daina shan shayi, koko kawai yake karɓa, shi ma rabin kofi. Cikinsa ya daina ciwo, amma jikin bai dawo ba. Rediyon ma da ba ya rabuwa da shi, sai batir ya ƙare ya yi kwanaki bai ce a sayo ba.

'Yata ta ɗauki lokaci kafin ta mayar da jikinta. Gashin da aka aske ya fito da wani laushi daban. Mijina bai hana ni kai ta Hotoro ba, shi ma yakan raka mu ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar yadda ya saba. Da ta ga Baba sai ta ruga ta faɗa jikinsa, shi kuma ya riƙe kafaɗunta yana kai fuskarta kusa da idonsa don ya ga ko ta yi ƙiba. Wata rana ta ce ya yi mata shayi irin na da.

"Na yi ritaya, amarya," ya ce. "Je ki wurin matar kawunki."

Ta tafi tana ƙunƙuni.

Mun sa ran a yi masa aikin ido bayan Sallah. Likitan ya duba ya ce sai ya ƙara ƙarfi tukuna, jininsa ya yi ƙasa. Muka koma da magunguna da shawarar abin da zai riƙa ci. A cikin abin da aka lissafa har da madara. Matar yayana ta dama masa sabuwa a gabansa, ta yaga ledar yana ji, ya ce ta ba yara.

Da zafi ya dawo sai zazzaɓi ya kama shi, wanda a da ba zai hana shi zuwa masallaci ba. Wannan karon bai tashi ba. Ya rasu da hantsi, yayana na riƙe da shi, ni ina kan hanya daga ofis. Malama da mijinta suka zo daga Tarauni, ta zauna tare da mu a cikin gida har aka yi addu'ar uku, tana taya mu raba abinci. Bayan haka muka zauna da yayana a kan maganar gidan, muka bar musu hayarsu yadda take, ɓangaren Baba kuma aka rufe shi har ƙarshen shekara kafin muka iya sa wani a ciki.